Daidaita allon kwamfuta da kalorimita: tambayoyin da abokan sana'a ke yi mani a Tawa

Ina da shagon hoto a Tawa, kuma hotunan biki da suna su ne mafi yawan aikina. Manyan hotuna da albam Yamai nake aika su a buga, tafiyar fiye da kilomita 500, saboda haka idan launi ya ɓaci sai bayan kwanaki nake sani, kuɗin bugu da na mota sun riga sun tafi. Wannan ne ya sa na sayi kalorimita. Tun daga lokacin abokan sana'a da yaran shago ke ta yi mani tambayoyi kusan iri ɗaya, shi ya sa na tattara su nan tare da amsoshin da nake bayarwa.

Malam, mece ce kalorimita, kuma me take aunawa?

Ƴar na'ura ce da ba ta cika tafin hannu ba, mai igiyar USB. Ana rataye ta a saman allo, idonta ya manne da gilashin. A cikinta akwai abubuwan jin haske da aka rufe da matatai, waɗanda aka ƙera don su ga ja da kore da shuɗi kusan yadda idon mutum ke ganinsu, bisa ma'aunin da hukumar CIE ta tsayar a 1931. Manhajar da ke tare da ita tana haska launuka ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin idon, ita kuma tana faɗin abin da ya fito a zahiri. Kwamfuta ta ce "ga toka-toka tsantsa", na'urar ta ce "a'a, wannan da shuɗi-shuɗi a cikinsa". Wannan bambancin shi ake rubutawa a gyara.

Waɗanda aka fi samu su ne i1Display Pro ta kamfanin X-Rite, wadda yanzu ake sayar da irinta da sunan Calibrite, sai kuma dangin Spyder na Datacolor.

To, ba zan iya yi da idona ba? Shekara goma ina gyaran hoto.

Ba za ka iya ba, ni ma ban iya ba, kuma ba rashin gwaninta ba ne. Ido yana sabawa. Ka zauna gaban allo mai shuɗi-shuɗi na ƴan mintoci, ƙwaƙwalwarka za ta karɓe shi a matsayin fari. Haka farar rigar da ka gani da hantsi take zama fara a idonka ƙarƙashin fitilar daren, alhali hasken da ke fitowa daga jikinta ya sauya sosai. Wannan baiwa ce daga Allah wajen rayuwa, amma wajen awo ita ce ke yaudararmu. Mai sayar da gero ba ya auna tiya da tafin hannu ko da ya tsufa a kasuwa.

Hotunana suna kyau a allo, amma sai su dawo daga bugu da duhu, fuskoki kuma sun yi ja. Laifin masu bugu ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma ni kaina na daɗe ina ɗora wa masu bugu laifi. Bari in ba da labarin abin da ya same ni.

Wani albam ne na biki. Amarya ta sa shadda ruwan toka mai haske, an yi mata lalle baƙi da ja a hannu. A allona komai ya fito tas: ana ganin zanen da ke cikin shaddar, ana ganin kowane layi na lallen. Da albam ɗin ya dawo, shaddar ta koma kamar ruwan ƙasa, fuskar amarya ta yi jajir da duhu, lallen kuma ya haɗe da inuwar hannunta. Uwar amarya ta buɗe shafin farko, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, wannan ba ita ce shaddar da muka saya ba." Gaskiya ta faɗa.

Da kalorimita ta zo, abin da na fara yi shi ne auna allon yadda yake, ban taɓa komai ba. Haskensa ya kai kandela 280 a kowace murabba'in mita, abin da manhaja ke rubutawa cd/m². Farinsa kuma, a ma'aunin launin haske da ake kira Kelbin, yana wajen 7800, wato fari mai shuɗi sosai. Nan take na gane abin da na yi wa albam ɗin da hannuna. Allon yana da haske fiye da ninki biyu na abin da ya kamata, sai hotunan suka riƙa yi mani kamar sun yi haske da yawa, ina ta rage musu. Takarda kuwa ba ta da fitila a bayanta, hasken ɗaki kawai take mayarwa, sai duhun da na zuba ya bayyana. Haka launi: allon yana ƙara shuɗi a kan komai, fatar mutane tana yi mani sanyi-sanyi, sai na riƙa ƙara rawaya da ja har ta yi daidai a idona. Wancan shuɗin a allo kawai yake, ba ya cikin hoton. Rawayar da jan da na ƙara kuwa sun shiga hoton, sun bi shi har Yamai.

Ka riƙe wannan: kuskuren bugu kishiyar kuskuren allo ne. Allo mai haske yana haifar da bugu mai duhu, allo mai shuɗi yana haifar da bugu mai rawaya ko ja, allo mai kore-kore yana haifar da fuskoki ruwan hoda. Idan duk hotunanka suna karkata gefe guda, kuma a kowane ɗakin bugu haka suke, ka fara tuhumar allonka.

Waɗanne lambobi zan zaɓa idan manhajar ta tambaye ni?

Abu uku take tambaya. Na farko farin allo. Ka zaɓi D65, wato kusan Kelbin 6500. Shi ne farin da tsarin sRGB ya ginu a kai, tsarin da HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, wanda har yau mafi yawan hotunan intanet ke bi. Na biyu gamma, wadda ke tsara yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari. Ka sa 2.2 ka wuce, babu abin tsayawa a nan.

Na uku shi ne ƙarfin haske, kuma shi ne ke buƙatar tunani, domin ya danganta da ɗakinka. Kandela 120 ita ce mafarin da aka saba. Idan ɗakin da duhu-duhu, ko aikinka duka na bugu ne, ka sauka zuwa 100, wasu ma har 80. Ga yadda nake gwadawa: na buɗe farin shafi a allo, na riƙe farar takardar hoto a inda nake duba bugu, na kalli wannan na kalli wancan. Idan allon yana ƙyalli kamar fitila kusa da takardar, ya yi yawa.

Za ka ji wasu na cewa a sa D50, wato Kelbin 5000. Wannan shi ne hasken da maɗaba'u ke duba takarda a ƙarƙashinsa. Wanda ke da akwatin duba bugu mai fitilar D50 yana da hujjar matsawa wajen. Mu da ba mu da shi, allon D50 sai ya yi mana rawaya-rawaya, mu koma yin kuskure ta ɗaya gefen.

Yaya ake yin aikin daga farko zuwa ƙarshe?

Ka kunna allon ka bar shi minti talatin, domin haske da launinsa suna motsi kafin ya ɗumama. Kafin nan ka goge gilashin da ƙyalle mai laushi. A nan Tawa, musamman da hunturu, ƙurar yini ɗaya ta isa ta kwanta tsakanin idon na'urar da allo. Ka duba idon na'urar shi ma.

Sai ka kashe duk abin da ke sauya allo da kansa: Night light a Windows, True Tone da Night Shift a Mac, hasken da ke bin hasken ɗaki, da abin da allo ke kira Dynamic Contrast ko Eco. Idan ka bar ɗaya daga cikinsu, kamar kana auna hatsi ne wani na taɓa sikelin. A maɓallan jikin allon ka mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, ka zaɓi yanayin da ake kira User ko Custom, wanda ke ba ka damar taɓa ja da kore da shuɗi ɗaya-ɗaya. Maɓallin Contrast, ko Contraste idan allonka da Faransanci yake magana, ka bar shi inda kamfani ya ajiye shi.

Ka ɗan kwantar da allon baya don na'urar ta zauna daram da nauyinta, kada ka danna ta, dannawa na sauya launin gilashin. Ka tura ƙofa, kada rana ta faɗo a kan allon.

Ni da DisplayCAL nake aiki, manhaja ce ta kyauta da ke hawa kan ArgyllCMS, amma manhajar da ta zo da na'urar ma tana yin aikin. Za ta nuna maka sanduna uku, ja da kore da shuɗi, da wata ta haske. A nawa allon, launukan uku duka a kan 100 suke. Tunda shuɗi ne ya yi yawa, na bar ja a 100, na sauke shuɗi sannu a hankali har 90, kore kuma 97, sandunan suka daidaita. Ka lura, ragewa ake yi, ba a ƙara wa wanda ya gaza ya wuce iyakarsa. Bayan haka na koma kan Brightness, wato Luminosité, na sauke shi daga 100 zuwa 34 kafin awo ya nuna 120. Farin ake fara gyarawa sannan haske, domin taɓa launukan yana rage hasken. Waɗannan lambobin na allona ne kawai, kada ka kwafe su, ko allo biyu ƴan kamfani ɗaya ba sa zama daidai.

Daga nan sai ka bar ta ta yi ta auna launuka. Manhajar kamfani kan gama cikin ƴan mintoci, DisplayCAL kuwa tana iya cin rabin awa ko fiye, gwargwadon yawan launukan da ka zaɓa. Kada allon ya yi barci a tsakiyar aikin.

Da ka gama, allon zai yi maka kamar ya dushe, ya yi rawaya. Yaron shagona cewa ya yi, "Maigida, ai an kashe allon." Na ce ya bari sai gobe. Washegari shi da kansa ya kalli ɗayar kwamfutar da ba a taɓa ba ya ce shuɗinta na sukar ido.

Na ji ana cewa daidaitawa daban, furofil daban. Mene ne bambancin?

Aiki biyu ne da manhajar ke yi a zama ɗaya. Daidaitawa tana sauya halin allon kansa: abin da ka yi da maɓallai, da kuma ƴan gyare-gyaren da ake lodawa cikin katin hoto na kwamfuta, wato sashen da ke aika hoto zuwa allo, don toka-toka ta zama tsantsa daga baƙi har fari. Wannan yana shafar duk abin da ke kan allo.

Furofil kuwa ba ya sauya komai. Takardar shaida ce, fayil mai ƙarewa da .icc ko .icm, bisa tsarin ƙungiyar ICC da aka kafa a 1993. Cewa yake: jan wannan allon iyakarsa nan, korensa nan, shuɗinsa nan. Manhajar da ta san karanta shi, irin su Photoshop da Lightroom, sai ta fassara launin hoton zuwa abin da allon zai nuna daidai. Wadda ba ta karanta shi kuwa, sai ta watsa lambobin yadda suke. Shi ya sa hoto ɗaya kan fito daidai a Photoshop, amma a wata manhajar kallon hoto ya yi jajir, musamman a allo mai faɗin launi.

Akwai kuskuren da na gani a shago fiye da ɗaya, kuma yana ɓata aiki ƙwarai: mutum ya ɗauki furofil ɗin allonsa ya sa shi a matsayin filin aikin hoto a Photoshop, ko ya liƙa shi a jikin hotunan da zai aika. Kada ka yi. Furofil ɗin allo na tsarin kwamfuta ne, Photoshop da kansa yake ɗaukarsa daga can. Hotonka ya zauna a sRGB, ko Adobe RGB idan ɗakin bugun ya nemi haka. Don ka tabbatar furofil ɗin ya zauna a Windows, ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta:

```
colorcpl
```

Za ka ga sunan allonka da furofil ɗin da aka ɗora masa.

Ta yaya zan san aikin ya yi kyau?

Manhajar tana da gwajin tabbatarwa. Tana sake auna wasu launuka, ta ba ka lamba mai suna Delta E, wadda ake rubutawa ΔE: tazarar da ke tsakanin launin da ake so da wanda ya fito. Ƙasa da 1, ido da ƙyar yake ganin bambanci. Idan matsakaicin ya tsaya wajen 1, mafi muni kuma bai wuce 3 ba, allon ya isa aikin hoto. Nawa ya ba da matsakaici 0.6, mafi muni 1.9 a wani shuɗi mai duhu.

Amma kada lambar ta rufe maka ido, domin na'urar da ta yi gyaran ita ce ta yi gwajin. Idan tana gani a karkace, za ta gyara a karkace, ta kuma ba kanta maki mai kyau. Wannan yakan faru ne idan ba a gaya mata irin fitilar da ke bayan allon ba. Matatanta ba su yi daidai da idon mutum ɗari bisa ɗari ba, saboda haka tana buƙatar gyara na musamman ga kowace irin fitila. A DisplayCAL wurin ana kiransa Correction, za ka ga zaɓi kamar White LED, ko PFS Phosphor na yawancin sababbin alluna masu faɗin launi, ko CCFL na tsofaffi. Ka nemi lambar allonka ka san irin tasa. Alamar an zaɓi ba daidai ba ita ce fari ya koma ruwan hoda ko kore-kore alhali rahoto na cewa lafiya lau.

Gwaji na biyu da ido ake yi. Ka buɗe hoton da ke tafiya a hankali daga baƙi zuwa fari. Ya kamata ya tafi sumul. Idan ka ga matakala-matakala, ko wani yanki ya yi kore wani ya yi ja, katin hoto ne aka tilasta wa gyara mai yawa. Matakai 256 kawai yake da su a kowane launi idan na bit 8 ne, duk gyaran da aka ɗora masa yana cinye wasu. Wannan ne dalilin da ya sa nake nacewa a yi iyakar gyara da maɓallan allo tukuna.

Idan kuma baƙi ya zama toka-toka, hoto duka ya yi fari-fari kamar hazo, ka duba igiyar HDMI. Wani lokaci kwamfuta tana ɗaukar allon a matsayin talabijin, ta aika masa matakai 16 zuwa 235 maimakon 0 zuwa 255. A saitin katin hoto ka mayar da shi Full, sannan ka sake awo.

Kwamfutata ta hannu ce, mai araha. Kalorimita za ta mayar da allonta na ƙwararru?

A'a. Za ta gyara farinta da haskenta da toka-tokarta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma launin da allo bai iya fitarwa ba, babu awon da zai ba shi. Yawancin masu araha, waɗanda ake rubuta wa 45% NTSC, wajen kashi biyu cikin uku na sRGB kawai suke nunawa. Jan atamfa mai ƙarfi zai fito maka a dushe, ka ƙara masa, a wurin wasu ya wuce gona da iri. Idan kuma allon irin TN ne, da ka ɗaga kai ko ka sunkuya hasken ya sauya. Shawarata ka haɗa ta da allo na daban irin IPS wanda ya cika sRGB, ko da wanda wani ya riga ya yi amfani da shi ne.

Wani abu da ya shafe mu nan: idan kuran ya ɗauke, kwamfutar hannu takan rage haskenta da kanta don ta tanadi batir. Ka auna ta tana jone da wuta, ka lura da matakin hasken da ka tsaya a kai, kada ka yanke hukuncin hasken hoto a kan batir sai ka tabbatar matakin bai sauya ba.

Ɗakin da nake aiki yana da tasiri?

Sosai. Shagunanmu ƙofa a buɗe take saboda zafi da kuma masu shigowa. Da safe haske iri ɗaya, da azahar wani, ranar da hazo ya taso kuma komai ya yi ja-ja. Allon bai sauya ba, amma idonka yana bin ɗakin. Ni na juya teburina yadda ƙofa ke gefe, ba a gabana ba, ba a bayana ba, na sa labule mai kauri. Na yanka kwali na shafa masa baƙin fenti marar ƙyalli na yi wa allon rumfa sama da gefe biyu. Bangon da ke bayan allon shuɗi ne a da, irin fentin da muke so a shaguna, na mayar da shi toka-toka. Fitilu kuma na sa iri ɗaya duka, ba wata fara wata rawaya ba.

Sau nawa zan maimaita, kuma yaya zan adana na'urar?

Ni duk wata nake yi, da kuma kafin babban aiki irin na bukukuwan bayan salla. Fitilar allo tana tsufa, haskenta na raguwa, farinta na gusawa. Idan ka sauya katin hoto ko ka sake zuba Windows, ko wani ya taɓa maɓallan allon, sai a sake.

Na'urar kuma ba ta son zafi da laima. Tsofaffin da ke da matatan roba sun fi saurin lalacewa, shi ya sa ba na ba da shawarar sayen tsohuwa ƙwarai da ba a san inda ta kwana ba. Zafin Afrilu da Mayu a Tawa, cikin shago mai rufin kwano, ba wasa ba ne. Na'urata tana cikin akwatinta, a leda mai rufewa, a aljihun tebur na ƙasa. Ba dole kowa ya mallaki tasa ba, mu huɗu muke karɓa-karɓa da guda ɗaya, kowa da furofil ɗin allonsa.

Na daidaita allona. Me ya sa hoton ya bambanta a wayar mai biki, bugun ma bai zama daidai sak ba?

Wayarsa ba a hannunka take ba. Wayoyi da yawa suna ƙara wa launi ƙarfi da gangan, kowa kuma da hasken da ya sa wa tasa. Abin da ke hannunka shi ne ka fitar da hoton a sRGB, da furofil ɗin sRGB a jikinsa, domin shi ne abin da mafi yawan na'urori ke tsammani. Kada ka gyara hoto don ya dace da wayar mutum ɗaya.

Bugu kuma yana da nasa rabin aikin. Kalorimita irin wannan allo take aunawa, ba ta yi wa takarda furofil, wannan aikin wata na'ura ce mai suna sifektirofotomita. Ka tambayi ɗakin bugun ko suna da furofil na injinsu da takardarsu. Idan sun ba ka, Photoshop zai iya nuna maka kwatancen bugun a allo ta Proof Setup, ka ga launukan da takarda ba za ta iya ɗauka ba tun kafin ka aika. Ka kuma roƙe su su kashe gyaran da injinsu ke yi wa hoto da kansa, in ba haka ba zai sake taɓa abin da ka riga ka daidaita.

Albam ɗin amaryar nan na sake gyara shi daga tushe a kan allon da aka auna. Na cire rawayar da na zuba, na ɗaga hasken inuwa, na fara aika hotuna uku ƙanana gwaji: fuskarta, hannun lalle, da shaddar. Da suka dawo na aika aka karɓo mani gyalen shaddar daga gidansu, na ajiye shi kusa da hoton a bakin ƙofa inda hasken rana ke shigowa ba kai-tsaye ba. Tokar ta zauna daidai, sai ɗan duhu kaɗan a inuwar hannu. Na sauke allon daga 120 zuwa 110, na sake awo, na ƙara buɗe inuwar, sannan na aika sauran shafukan.